Tallar masu tasiri da shawarar baki da baki: ku duba mini wannan sashe na maƙalata

Zainab: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba mu rubuta maƙala a kan talla a kafafen sada zumunta, malaminmu kuma ya jaddada cewa nazari yake so, ba yabo ba. Na zaɓi in yi magana a kan masu tasirin da kamfanoni ke biya su tallata kaya. Ga kashin bayan abin da na rubuta: binciken da kamfanin nazarin kasuwa Nielsen ya yi a 2012 ya nuna kashi 92 cikin 100 na mutane sun fi yarda da shawarar da ta zo musu daga bakin mutum fiye da kowace irin talla. Mai tasiri shi ma mutum ne, mabiyansa na jin kamar sun san shi. Don haka tallarsa ita ce shawarar baki da baki ta wannan zamani, sai dai ta fi ta da isa nesa. Na karanta sashen ya kai ƙarshe, amma raina bai kwanta da shi ba. Don Allah wanda ya san harkar ya nuna mini inda yake da rauni.

Nura: Wa alaikumus salam. In dai neman wanda zai tallata miki kaya kike, kada ki kuskura ki dubi yawan mabiya kawai. Da yawa sayensu ake yi. Ki buɗe sharhin da ke ƙasan hotunansu, in kika ga duk alamar wuta ce da zuciya, babu mai tambayar kuɗin kaya ko ingancinsa, ki kama gabanki.

Zainab: Na gode Yaya Nura, amma ba kaya nake sayarwa ba. Rubutun makaranta ne.

Malam Sani: Zainab, raunin yana wurin da kika ɗora ginin gaba ɗaya. Ki koma ki dubi abin da aka tambayi mutane a binciken nan. An tambaye su ne ko sun yarda da shawarar mutanen da suka sani, wato 'yan uwa da abokai. Ba a ce musu “mutumin da kuke bi a intanet” ba. Kin ɗauko yardar da aka ba aboki kin miƙa wa wanda aka biya, kuma ainihin abin da maƙalarki ya kamata ta gwada ke nan, ba ta ɗauke shi a matsayin abin da aka gama yarda da shi ba.

Abu na biyu, wannan adadi ba sayayya yake aunawa ba. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa ne lokacin da ake masa tambaya. Kowa zai ce ya fi yarda da ɗan uwansa fiye da talla, domin babu mai son a ce talla na juya shi. Amma abin da ya faɗa daban, abin da hannunsa ya ɗauka ranar saye daban. Ko adadin ma ba a tsaye yake ba: da Nielsen suka sake irin tambayar a 2015, kashi 83 suka samu. Kina iya kawo shi a maƙalar, amma ki faɗi abin da yake aunawa da abin da ba ya aunawa.

Auwal: Malam, da girmamawa, ni ina cikin masu yin wannan aiki, kuma ina ganin an ɗan rage mana. Mabiyana ba su da yawa, bidiyon duba wayoyi da kayan lantarki nake yi. Akwai waɗanda shekara da shekaru muke magana da su, suna turo mini tambaya tsakar dare ina amsawa. In na ce waya kaza batirinta ba ya riƙe caji, sun san na gwada ne. Me ya raba ni da abokin da suka sani? Ni ma in na yi musu ƙarya sunana ne zai ɓaci, kuma da sunan nake ci.

Malam Sani: Maganarka tana da tushe, Auwal, kuma ya kamata Zainab ta sa ta a rubutunta. Suna jari ne, mai ƙananan mabiya kuma ya fi manyan taurari kusa da mutanensa. Amma bari in tambaye ka. Ranar da kamfani ya biya ka ka yi bidiyon wayarsa, kana iya rufe bidiyon da cewa “kada ku saya, ta kamfani kaza ta fi ta”?

Auwal: In na ga kayan ba su da kyau, ba na karɓar aikin tun farko.

Malam Sani: Madalla, wannan halin kirki ne. Amma duba abin da ya faru: mabiyanka ba su ji komai ba. Ka ƙi aikin, ka yi shiru, wayar kuma tana nan a kasuwa wani yana yabonta. Aboki kuwa da ya sayi wayar ta ba shi wahala, ba shiru zai yi ba, sai ya gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi. Rabin amfanin shawarar baki da baki shi ne wannan “kada ka saya”. Kuɗin talla ba sai sun sa mutum ƙarya ba, ya isa su tace abin da ke fitowa, mai daɗi ya wuce, mara daɗi ya maƙale.

Sannan aboki ya san wanda yake ba shawara. Ya san ƙarfin aljihunka, ya san kai mai yawan yar da waya ne, ya san ba ka damu da kyamara ba. Kai kuma magana ɗaya kake yi wa dubban mutane. Su suna jin sun san ka, sun san muryarka da ɗakin da kake ɗaukar bidiyo, amma mafi yawansu kai ba ka san ko sunansu ba. Tun 1956 masu bincike Horton da Wohl suka yi rubutu a kan irin wannan shaƙuwa mai gefe ɗaya tsakanin masu kallo da masu gabatar da shiri a talabijin. Waya ta ƙara mata ƙarfi ne saboda yanzu ana iya samun amsa jefi-jefi.

Auwal: Na yarda da batun shirun. Batun sani kuwa ban yarda duka ba. Wanda ya rubuto mini ya ce ga kuɗinsa ga buƙatarsa, amsar da nake ba shi ta fi ta abokinsa da waya ɗaya ya taɓa riƙewa. Ni na riƙe da yawa.

Hadiza: Zainab, ni ina ganin hujjarki tana da ƙarfi in kika kawo misali na zahiri. Akwai kamfanin tufafin nan na Amurka da ya ba mata 50 riga iri ɗaya suka saka a Instagram, nan da nan rigar ta ƙare a kasuwa. Wace shaida ake nema kuma da ta wuce wannan?

Malam Sani: Lord & Taylor ke nan, a Maris 2015, kuma misali ne mai kyau, sai dai labarin bai tsaya inda kika tsaya ba, Hadiza. Kamfanin ya ba kowace daga cikin su 50 ɗin rigar kyauta, ya kuma biya su tsakanin dala 1,000 zuwa 4,000. Shi ya tsara ranakun da za su wallafa, ƙarshen mako ɗaya, shi ya duba hotunan kafin su fita. An wajabta musu ambaton sunan kamfanin, amma ba a wajabta musu faɗin cewa an biya su ba, kuma ba su faɗa ba. Hotunan sun isa ga mutum miliyan 11.4, rigar ta ƙare. A 2016 hukumar FTC mai kula da kare masu saye a Amurka ta tuhumi kamfanin da yaudarar jama'a, aka yi sulhu a kan sharaɗin ba zai sake nuna tallar da ya biya a matsayin ra'ayin mutum mai zaman kansa ba.

Yanzu ki sa kanki a matsayin wadda ke duba wayarta a wannan ƙarshen mako. Ta ga wannan ta saka rigar, ta gangara ta ga waccan ma ta saka, ta ga ta uku. Abin da zai zo mata shi ne rigar ce ta yi kyau har kowa ya ruga ya saya. Wato abin da ya yi aiki a kanta shi ne zaton cewa babu hannun kowa a ciki. Misalin bai nuna mai tasiri daidai yake da aboki ba. Ya nuna tallar ta ci ne a lokacin da ta sa rigar aboki ta ɓoye fuskarta. Da an rubuta `#ad`, wato alamar cewa talla ce, a saman kowane hoto, rigar za ta ƙare ko ba za ta ƙare ba, wannan misalin ba zai gaya mana ba.

Hadiza: To amma yanzu ai ana rubutawa, kuma mutane ba su daina saye ba.

Malam Sani: Haka ne, kuma wannan tambaya ce mai kyau da maƙala za ta iya tsayawa a kanta. Wasu mabiyan in sun ga alamar sai su ja baya, wasu kuwa gani suke mutumin ya yi musu gaskiya, sai yardarsu ta ƙaru. Ba amsa ɗaya ba ce ga kowa. Sai dai ki lura, wanda ya saya bayan ya ga alamar, ya saya ne yana sane da cewa talla ce daga bakin wanda yake so. Wannan abu ne mai amfani ga kamfani, amma ba shi ne abin da Zainab ta ce ba.

Rabi: Ku bari in shigo ta ɓangaren lissafi, don nan ne nake ganin ɗalibai suna yawan zamewa, kuma shi ne aikina kullum a sashen talla. Zainab, duk rahoton da za ki gani yana cewa mai tasiri ya kawo ciniki kaza, yawanci daga lambar rangwame aka ƙirga. Ana ba shi lamba mai sunansa, duk wanda ya sa ta wajen biya sai a rubuta shi a lissafinsa. Bari in ƙirƙiro miki misali da alƙaluma masu sauƙi, irin abin da ke faruwa.

A ce kamfani yana sayar da kaya ta intanet, ribarsa kashi 30 ce cikin 100 na farashi. Ya biya mai tasiri kuɗin da ya kai ribar ciniki 150, ya ba shi lambar rangwamen kashi 15. Cikin mako biyu an yi amfani da lambar sau 400. A takarda kowa zai yi murna, an biya 150 an samu 400.

Sai ki buɗe rajistar masu saye ki gwada lambobin waya da adireshin imel. Ki tarar 230 daga cikin 400 ɗin tsofaffin kwastomomi ne, sun saba saye tun kafin a san da wannan talla. Saura 170 sababbi. Sai ki tambayi kanki, a mako biyu na yau da kullum, ba tare da talla ba, sababbi nawa ke zuwa? A ce 100. A wannan mako biyun kuma jimillar sababbi 190 ce, 170 da lamba, 20 babu. To ƙarin da tallar ta kawo 90 ne, ba 400 ba. Sauran dama suna hanya, sun iso wurin biya suka ga akwatin da ke neman lamba, suka bincika a intanet suka same ta, domin lambar rangwame ba ta kwana biyu ba ta faɗa shafukan da ke tattara irinta ba.

Kuma rangwamen kashi 15 a kan ribar kashi 30 ya cinye rabin riba. Su 90 ɗin sun kawo ribar ciniki 45 ke nan. Sauran 310 da za su saya da cikakken farashi, an yafe musu rabin riba, an rasa ta ciniki 155. Ki haɗa da 150 na mai tasiri. An fitar da 305, an shigar da 45. Sai in waɗannan 90 sun dawo sun yi ta saye nan gaba ne abin zai biya kansa, kuma wanda rangwame ya kawo ba lallai ya dawo ba ranar da babu rangwame.

Zainab: Anti Rabi, wannan ya buɗe mini ido sosai. Ke nan duk adadin da aka ƙirga da lambar rangwame ya wuce ainihin adadin?

Auwal: A'a, kuma nan ne nake son a yi adalci. Anti ta ɗauka duk tsofaffin 230 za su saya ko da ban yi magana ba. Wa ya ce? Wani ya yi wata shida bai leƙo ba, bidiyona ne ya tuna masa. Sannan lambar tana rasa mutane kamar yadda take ƙara wasu. Wani ya kalla yau, sai ƙarshen wata ya saya, lambar ta riga ta mutu. Wani ya ɗauki hoton allon wayarsa ya tura wa ƙaninsa, ƙanin ya saya, babu inda sunana ya fito. Ni na kunna wutar, amma lissafi zai ce baki da baki ne ya kawo shi.

Rabi: Gaskiyarka, Auwal, na tsananta a kan su 310 ɗin, wasunsu kai ka taso su. Shi ya sa ba a tsayawa a kan lamba. Hanyar da ta fi ita ce a ware waɗanda ba a nuna musu tallar ba a kwatanta da waɗanda aka nuna wa. Misali a ɗauki bidiyon a biya dandalin ya nuna shi a wasu yankuna, a bar wasu yankunan masu kama da su babu, sannan a dubi bambancin ciniki bayan wasu makonni. Ko wannan ma ba ya fita tsaf, don bidiyo ba ya tsayawa a iyakar da aka shata masa, kuma ƙaramin kamfani ba shi da yawan cinikin da bambancin zai fito fili. Mafi araha shi ne a tambayi mai saye wajen biya, “A ina ka ji labarinmu?” Amma mutum na baya-bayan nan yake tunawa, ba na farko ba.

Malam Sani: Abin da Auwal ya faɗa game da ƙanin nan ya fi kusa da inda ya kamata maƙalar ta dosa. Ba sabon tunani ba ne. Katz da Lazarsfeld, a binciken da suka wallafa a 1955 wanda aka yi a kan mata kusan 800 a garin Decatur na Amurka, sun nuna saƙo kan fito daga kafafen yaɗa labarai ya sauka a kan wasu mutane, su kuma su isar da shi ga na kusa da su. Abin lura, waɗannan masu ba da shawara ba shahararru ba ne. Maƙwabta ne da 'yan uwa da abokan aiki, kuma wadda ake tambaya a kan kayan gida ba lallai ita ake tambaya a kan kwalliya ba. In muka ɗora wannan a kan yau, mai tasiri ya fi kama da matakin farko, wato kafar da saƙo ke fitowa. Ƙanin da aka tura wa hoton allo a mataki na biyu yake.

Amma Zainab, kada ki juya ki mayar da baki da baki abin da ba shi da aibi, don nazari ba ya tsayawa a gefe ɗaya. Shi ma ana zuzuta ƙarfinsa. In kika ga abokai biyar suna amfani da manhaja ɗaya, za ki ce ɗaya ne ya ja sauran. Wataƙila kuwa dama shekarunsu ɗaya, aikinsu ɗaya, abin da suke so ɗaya, shi ya sa suka zama abokai tun farko, kuma kowa zai iya kai kansa ga manhajar ba tare da an ce masa komai ba. Aral da abokan aikinsa sun auna wannan a 2009 da bayanan masu amfani da manhajar hira ta Yahoo sama da miliyan 27. Sun gano fiye da rabin abin da ake gani kamar yaɗuwa daga aboki zuwa aboki, kamannin da ke tsakanin abokan ne ya haifar da shi. Matsala ɗaya ce da ta lambar rangwamen Rabi: ana ba mutum ladan cinikin da zai faru ko babu shi.

Nura: Kuma ai yanzu abokan ma biyansu ake. “Gayyato abokinka ka samu kaza.” Ni an sha turo mini irin wannan, kuma na san ba don Allah aka turo ba.

Rabi: Wannan magana ce, Nura. Da zarar lada ya shiga, aboki ma ya fara matsawa wajen mai talla. Duk da haka akwai binciken da aka wallafa a 2011 a kan wani banki a Jamus, an bi kwastomomi kusan 10,000 na kusan shekara uku. Waɗanda wani kwastoma ya gayyato, duk da ana ba mai gayyatar lada, darajarsu ga bankin ta ɗara ta sauran da aƙalla kashi 16 cikin 100, kuma sun fi daɗewa ba su tafi ba. Ɗaya daga cikin dalilan da aka kawo shi ne mai gayyatar ya san bankin kuma ya san abokinsa, don haka wanda ya dace yake kawowa. Amma banki ɗaya ne a ƙasa ɗaya, kada a shimfiɗa shi a kan kowane kaya.

Zainab: To ga yadda nake tunanin sake gina sashen, ku gyara mini. Maimakon in ce wannan shi ne wancan, zan auna su biyun da tambayoyi: wa ya biya mai maganar kuma an faɗa wa mai sauraro, shin mai maganar ya san wanda yake gaya wa, shin yana da damar cewa kada a saya, sannan ta yaya aka san cinikin daga gare shi ya zo. Zan sa misalin rigar a ƙarƙashin ta farko, lissafin Anti Rabi da binciken Yahoo a ƙarƙashin ta ƙarshe. Adadin Nielsen zan bar shi, amma in bayyana cewa a kan mutanen da aka sani yake magana.

Malam Sani: Ya yi. Ki dai nemo asalin kowane bincike ki karanta da idonki kafin ki ambace shi, kada ki ce an faɗa a zaure. Lissafin Rabi kuma ki rubuta a fili cewa misali ne na ƙirƙira.

Auwal: Ni har yanzu ina da saura. Tambayoyinki huɗu duk an tsara su ne yadda aboki zai ci. Ki ƙara ta biyar: wa ya fi sanin kayan? Aboki yana son ka, amma abu ɗaya ya gwada, kuma sau da yawa yana yabonsa ne don ya riga ya kashe kuɗinsa a kai. In ba ki sa wannan ba, malaminki zai iya cewa kin karkata.

Malam Sani: A sa ta, tambaya ce ta gaskiya. Sai dai a rarrabe tsakanin bidiyon da ka yi da kayan da ka saya da kuɗinka, da wanda kamfani ya aiko maka da jerin abubuwan da za ka ambata. Sanin naka ɗaya ne a duka biyun, abin da aka bar ka ka faɗa ne ba ɗaya ba.

Auwal: Mai kallo da ya daɗe da ni yana gane bambancin, Malam.

Rabi: Wanda ya daɗe, ƙila. Amma mu in mun biya, bidiyon muke ɗauka mu tura wa mutanen da ba su taɓa ganin fuskarka ba, kuma su ne mafi yawa a cikin waɗanda za su kalla. Zainab, in kina da sauran wuri, wannan ma ki taɓo shi.